Tambayar Balaraba

Ranar Litinin aka liƙa sanarwa a allon sashen nazarin ƙasa, cewa wata farfesa mai bincike kan ruwa za ta zo ran Alhamis ta yi lacca a kan madatsun ruwa da fadamun Haɗeja da Nguru. Balaraba ta daɗe a tsaye gaban allon. Ƙauyensu a bakin wannan fadamar yake.

Tana aji biyu a Jami'ar Bayero, amma ba wanda zai ce ya san muryarta. In malami ya kira sunanta sai harshenta ya yi nauyi, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi, alhali amsar na nan a bakinta. Wannan karon ta ƙudura a ranta sai ta yi tambaya, ko da guda ɗaya ce.

Da daddare ta rubuta: "Me ya sa ciyawar kachala ta cika fadama?" Washegari ta sami amsar a laburare, sai ta soke. Ba ta son ta tashi a gaban jama'a ta tambayi abin da ke cikin littafi. Bayan magariba ta kira gida.

"Baba, kuna yara akwai kachala haka?"

"Ina fa! Da rani kogin ƙafewa yake yi, sai mun tona yashi mu ɗebi ruwa. Damina ta faɗi ya malale, a yi shinkafa, in ya janye a kama kifi. Yanzu ruwan ba ya ɗaukewa, 'yar nan. Ciyawar ta fi mutum tsayi, kwalekwale ba ya ratsawa, ga jan-baki sun yi sheƙa a ciki suna cinye mana shinkafa."

Ta buɗe littafinta. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Tun daga nan ake tare ambaliyar damina, ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan har cikin rani. Kachala kuwa abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya bushewa. Maganar Baba da ta littafi sun haɗu. Ta rubuta tambayarta, ta rage, ta sake ragewa har ta shiga ƙaramar takarda. Ta karanta wa Ummi, abokiyar ɗakinta, muryarta na rawa.

"Ɗaga murya mana," in ji Ummi. "Ai ba sata za ki yi ba."

Ran Alhamis zauren ya cika. Farfesa ta yi bayani da taswira, aka tafa, aka buɗe fagen tambayoyi. Wani ya tashi ya yi dogon jawabi. Shugaban taro ya duba agogo ya ce saura mutum ɗaya. Hannun Balaraba ya yi gumi har tawadar ta fara narkewa. Ummi ta zungure ta, ta ɗaga hannu iya kafaɗa.

"Ke mai shuɗin hijabi."

Ta miƙe, aka ba ta makirufo. Kalmar farko ta maƙale, wani ya yi tari a baya. Ta dubi takardar.

"Ranki ya daɗe, mahaifina ya ce kafin madatsun kogin yana bushewa da rani, kuma babu kachala haka. In aka riƙa sakin ruwan yadda zai malale da damina ya ƙafe da rani, shin za ta ragu? In za ta ragu, wa zai yi asara, masu noman rani a Kadawa da masu shan ruwa a Kano, ko mu da ke ƙasa?"

Farfesa ta ajiye biro. "Daga ina kike?"

"Daga wajen Nguru."

"Bushewa na raunana ta, haka ne, musamman in an haɗa da yanka da yashe hanyoyin ruwa. Amma rabin tambayarki na biyu shi ne mai wuya. Ruwan ɗaya ne, masu buƙata da yawa, kuma na sama sun fi kusa da masu buɗe ƙofa. Sai an zauna da kowa an tsara lokacin saki. Ba ni da amsar da za ta gamsar da mahaifinki yau. Ki same ni in an tashi."

Bayan taro Balaraba ta tarar da farfesa tana naɗe taswira. Farfesa ta sake warwarewa, ta miƙa mata fensir.

"Nuna min inda ya toshe a wajenku."

Balaraba ta bi hanyar ruwan Marma da fensir, ta tsaya. "Nan na sani. Sauran sai Baba."

"To, kira shi."

Ta ciro wayar ta sa a sifika.