Iyaye, Ku Zo Da Jerin Kayan Makaranta Mu Yi Lissafi Tare

Hutu ya kusa ƙarewa, Satumba ta ƙarato, makarantu sun raba takardar jerin abin da kowane yaro zai koma da shi. Mun san yadda gaba ke faɗuwa idan aka warware takardar nan: yunifom kala biyu, hijabi, sandal, safa, jaka, ga littattafai shafi guda cur. Ga kuɗin makaranta na jira. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da na yadi da na takarda suke ta hawa, mai 'ya'ya huɗu ko biyar kuwa shi ya san irin nauyin da yake ɗauke da shi.

Shi ya sa bana muka shirya rangwamen komawa makaranta, daga 25 ga Agusta zuwa 20 ga Satumba, a shagonmu da ke Kasuwar Sabon Gari, Kano.

Kafin ku fitar da ko sisi, ku kawo mana takardar. Za mu zauna da ku mu bi ta layi-layi, mu rubuta farashin kowane abu a gabanku. Mu ware wanda dole yaro ya shiga aji da shi ranar farko, irin su littafin Turanci da na Lissafi da littattafan rubutu, da wanda zai iya jira zuwa ƙarshen wata. Ba kowane abu da ke jerin ba ne ake buɗewa a makon farko, kuma ba za mu ɗora muku abin da bai zama dole ba.

Yunifom ɗinmu daga Kantin Kwari muke saro yadinsa a dunƙule, telolinmu su ɗinka, don haka babu ɗan tsakiya da zai ƙara nasa. Na firamare, riga da wando, naira 6,500. Na sakandare naira 9,000. Hijabi naira 2,500. Abin da muka fi so ku duba shi ne ɗinkin. Ku juya ƙafar wandon, za ku ga mun bar ninki mai faɗin yatsa uku a ciki, haka ma gefen riga. Yaro ya ƙara tsawo a zango na biyu? Ku dawo da shi mu warware ninkin kyauta, ba sai an sayi sabo ba. Gwiwa da aljihu, inda yara maza suka fi yagewa, ɗinki biyu muke bi da su. Ku zo da yaran a auna su, ko ku taho da tsohon yunifom mu ɗauki awo a jikinsa. Wanda ya ɗinka wa yara uku daga gida ɗaya, na ukun rabin kuɗi zai biya.

Littattafai kuma, hanya biyu ce. Akwai sababbi daga kamfanonin da suka buga su, ba na jabu ba da rubutunsa ke dusashewa, shafukansa su zube kafin jarabawa. Akwai kuma na hannu masu tsabta, waɗanda muka duba shafi bayan shafi, a kan rabin farashi ko ƙasa da haka. In akwai littattafan bara a gida da babu ƙanin da zai gaje su, kada ku bar su gara ta ci. Ku kawo, mu kimanta, mu rage muku daga kuɗin na bana. Sai dai a lura: wasu makarantun kan sauya bugu, shi ya sa muke son ganin takardar da idonmu. Idan malami ya ce ba shi ba ne, a dawo da shi cikin kwana bakwai da rasit, ba a yi rubutu a ciki ba, mu canza. Dozin ɗin littafin rubutu mai falle 60 naira 3,500 ne, da fensir biyu kyauta. Masu shirin WAEC da NECO ma mun tanadar musu littattafan tambayoyin baya.

Wanda albashi bai shigo masa ba, ko uwar gida da ke jiran kwasar adashi, akwai biya kaɗan-kaɗan. Ku ba da rabi, mu ɗaure kayan mu rubuta sunan yaro a kai, ku cika sauran cikin mako huɗu. Babu ƙarin ko kwabo a kan farashin da aka yi tun farko. Marayu kuwa, mai riƙonsu ya yi mana magana a gefe, akwai ragi na musamman, kuma tsakaninmu da shi ne.

Muna layin masu littattafai, shago mai koren allo. Muna buɗewa ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma, ranar Juma'a mukan rufe lokacin masallaci. Ana karɓar kuɗi hannu ko tiransifa. Ɗinki yana cin kwana uku, makon ƙarshe kuma teloli kan cika da aiki, don haka Alhaji, Hajiya, a daure a zo da wuri. Allah Ya hore, Ya yi wa karatun yaranmu albarka.