Mi yasa yaji na yake dunƙulewa ya daina ƙamshi?

Assalamu alaikum uwargida da amarya, barkanmu da war haka. Tambayar nan tun shigowar damina kusan kullum sai an turo min ita, wata tace yajin da ta saya ya dunƙule sai da cokali take ƙwaƙularshi, wata tace kori ɗinta ya koma gari kawai ba ƙamshi, wata kuma kukarta ce ta tashi daga kore ta koma kalar ƙasa. To nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya amfana, ko a wajena kika saya ko a babbar kasuwa ko 'Yar Kutungu duk ajiyar ɗaya ce.

Ƙamshin da kike ji a citta da kanumfari da masoro da kimba wani mai ne a cikinsu mai tashi ya bi iska. Muddin abin yana ɗanyen ƙwayarshi ba a daka ba man yana kulle a ciki, ranar da aka daka ko aka kai inji ranar ya fara fita, kuma zafi da rana suna ƙara mashi sauri. Shi yasa kanumfari guda zai yi shekara 2 har fiye a kwalba yana nan da ƙarfinshi, amma garinshi in ya kai wata 6 zaki ji ya fara sanyi. Ba lalacewa yayi ba, ana ci, kawai dai sai kin zuba cokali biyu inda da ɗaya ya isa.

Amma babban mai ɓata mana kaya danshi ne, kuma wallahi mafi yawanci da hannunmu muke saka shi. Miya na tafasa a kan gas ki ɗauko robar yaji ko ta kori ki buɗe ki riƙa kaɗawa a saman tukunya, tururin nan duk ya shige ciki, ki maida murfi ki rufe shi da shi. Gobe haka jibi haka. Ko kuma cokalin da kika gama juya miya ki ɗan goge a zani ki tsoma a kwalba. Yara kuma in an zuba masu dafa duka ko awara kowa da jiƙaƙƙen hannu zai kai cikin robar. Sati biyu sai kiga yaji ya kama jikinshi, sai ace mai yaji ta cuce mu ta sa ruwa. Hajiya ba ruwa bane, tururi ne. Ki ɗebi abinda zaki zuba a busasshen cokali ko a tafin hannu nesa da wuta, ki rufe kwalbar, sannan ki je wajen tukunya. In wannan kaɗai kika riƙe cikin rubutun nan ya isa ki ga canji.

Yajin da aka haɗa da gishiri da magi shi yafi saurin dunƙulewa don su biyun suna janyo danshi daga iska da kansu, ko ba ki yi laifin komai ba in aka shiga marka ta watan Agusta sai ya ɗan kama. Ku lura da gishirin kicin ɗinku a lokacin, ai shima jiƙewa yake. Don haka in dunƙulewa ce kawai, kala bata canza ba wari bai canza ba, ba wani abu, ki juye a tire ki baza ya sha iska a inda ba danshi, ki murmushe ki tankaɗe da rariya ki maida a wata busasshiyar kwalba.

Abinda nake gaya ma duk wadda ta sayi babbar roba a wajena shine ta raba biyu. Ki samu ƙaramar kwalba ki zuba na sati ɗaya ko biyu, wannan ita zata riƙa yawo tsakanin kicin da wajen cin abinci, a buɗe ta sau goma a rana ba damuwa. Babbar kuma ki ɗaure bakinta ki sa a kabad ko cikin sito inda ba rana, sai ƙaramar ta ƙare zaki taɓa ta. Kwalbar gilashi mai murfin da ke ɗaurewa tafi, irin ta bama ko ta zuma da ta ƙare, a wanke da ruwan zafi da sabulu a kife ta ta kwana har murfin ya bushe ƙarau, don ruwan da ke maƙalewa a zaren murfin nan shi ke ɓata aiki. Roba ma tana yi in mai kauri ce kuma murfinta na kamawa, sai dai tana riƙe wari, robar da aka taɓa sa daddawa kar ki sa mata kayan shayi, har abada shayinki zai riƙa tuna maki miyar kuka. Leda kuwa ta kawo kaya daga kasuwa ce kawai, farar ledar nan ƙamshi na ratsa ta, ƙwari na huda ta, ɓera ma baya jin kunyarta.

Sai wajen ajiya. Na san jeren kwalabe a saman gas ko bakin taga yana da kyau a hoto, amare ku yi haƙuri, amma nan ne wuri mafi muni a duk kicin ɗin. Ga zafin wuta ga tururi ga rana. Mu nan Katsina a bazara wajen Afrilu zafi na wuce 40 a waje, balle kicin mai rufin kwano da azahar. Rana ita ke cinye kalar barkono da kuka da busasshen zogale, ja ya koma fari fari kore ya koma ƙasa ƙasa. Kabad na ƙasa nesa da wuta, ko bokiti mai murfi a ɗaki, duk sun fi.

Firij fa? Wannan ma ana yawan tambaya. Da ace wutar mu tsayayya ce da sai ince to, amma a kawo awa uku a ɗauke, firij yayi sanyi ya saki, duk abinda ke ciki sai yayi gumi, kuma ko da wuta in kin fiddo kwalba mai sanyi kika buɗe cikin zafi take raɓa zata kwanta a ciki. Ni bana ba da shawarar sa garin yaji a firij. Inda firiza ke da amfani shine in kin sayo barkono ko busasshiyar kuɓewa da yawa kina tsoron ƙwari, kuma kina da sola ko wuta mai tsayawa, ki ɗaure a leda biyu ki sa ya ƙanƙare kamar sati ɗaya, sanyin yana kashe ƙwarin da ƙwansu. In kin fiddo kar ki kwance sai ya huce gaba ɗaya.

Yanzu ga inda nake so ku nutsu. Akwai bambanci tsakanin yajin da ya dunƙule da wanda yayi hunhuna. In kika ga fari fari kamar auduga, ko kore ko baƙi, ko kika ji warin ɗaki rufaffe, zubarwa ake. Kar a kwashe saman a ci ƙasan, kar a shanya a rana ace ya warke. Wani irin hunhunan da ke kama gyaɗa da masara da busasshen barkono yana fidda guba da likitoci ke kira afulatoksin, tana taɓa hanta, kuma dafuwa bata kashe ta, ko miyar ta tafasa guban na nan. Na san kuɗi aka sa kuma abubuwa sunyi tsada, amma kuɗin robar yaji nawa ne a kan hantar yaranki. In kina sayen barkono a kasuwa ki fasa guda biyu uku ki duba ciki, wani daga waje jawur amma cikinshi baƙi ne, an tara shi a buhu bai gama bushewa ba. Mai kyau in kin matsa zai karye yayi ƙara, 'ya'yan na motsi a ciki.

Yajin ƙuli shi kuma matsalarshi mai. Ƙuli komai matsewarshi akwai sauran man gyaɗa a ciki, in ya daɗe cikin zafi sai ya fara warin tsohon mai yana maƙaƙi a wuya. Shi yasa bana yin shi da yawa, kuma bana so kwastoma ta sayi wanda zai wuce mata wata 1 zuwa 2. Masu cewa a yi masu na wata shida zasu tafi da shi makaranta, gara ki ɗauki yajin daddawa ko na tafarnuwa mai yawa, na ƙulin kaɗan.

Daddawa kuma ta kalwa sai ta bushe sosai kafin a rufe ta, in da sauran laushi kika kulle a roba zaki tarar da tsutsa. Ki shanya ta ƙara bushewa, ki ware mata gidanta ita kaɗai. Ɗanyar citta da tafarnuwa su akasin sauran ne, basa son a rufe su, iska suke so, kwando ko faranti a inuwa, in kika ɗaure a leda ruɓewa zasu yi. Busasshiyar citta irin wadda ake kawowa daga wajen Kaciya a kudancin Kaduna ki ajiye ta a yankakkenta, ki riƙa dakan kaɗan kaɗan, kunu da shayi zasu gaya maki bambancin.

Wata tace kakarta a tukunyar ƙasa da ƙwarya take ajiya shekara da shekaru ba abinda ke samu. Gaskiya ne, amma ki tambaye ta, su ai basa ajiye gari, ƙwayar suke ajiyewa, in za'a ɗora tukunya a jefa a turmi a daka na ranar. Mu da muke son komai a shirye dole mu kula da murfi.

In kina shakkar ko naki ya tsufa ki ɗebi kaɗan a tafin hannu ki murza da yatsa ki shinshina, in sai kin kai hanci sosai kafin kiji wani abu to ya gaji. Masoro da kimba da kanumfari masu ƙwaya in kin ɗan gasa su a busasshen kasko minti ɗaya biyu kafin daka ƙamshin na tasowa, wuta kaɗan don suna saurin ƙonewa su yi ɗaci. Kuma ki riƙa rubuta watan da kika saya a jikin murfi, ni duk robar da ta fita daga hannuna akwai ranar da aka daka a ƙasanta, ku juya zaku gani.

Wannan satin akwai yajin daddawa, na tafarnuwa, na jego da kayan shayi, na ƙuli kuma sai Alhamis in sha Allah don ranar Laraba za'a kawo min sabon ƙuli. Cikin gari mai mashin na kaiwa har gida, 'yan Daura da Dutsinma da Funtuwa ana ba mota a tasha kuɗin mota naku ne. Wadda ta sayi nawa kuma taga wani abu da bata gane ba ta ɗauko hoto ta turo min ta wasap kafin ta zubar ko ta ci, zan duba in gaya mata gaskiya.