Me Ya Karya Cokalin? Darasin Yamma a Maroua

To, ku matso kusa. Na baya, ku tashi tsaye in ba ku gani. Hamadu, ajiye littafin nan, yau ba da rubutu za mu fara ba.

Ga kofin gilashi, ga ruwa, ga cokali. Cokalin gidanmu ne, kun ga lafiyarsa lau. Na tsoma shi. Yanzu ku duba ta gefe. Me kuka gani? Ya karye, ko? Daidai inda ya taɓa ruwa sai ka ce an lanƙwasa shi. Na zaro shi: ga shi garau. Na mayar: ya sake karyewa. A'isatu ta ce ruwan ne ya karya shi. To, A'isatu, da ruwa na karya cokali, da babu wanda ya rage da cokali a garin nan. Cokali bai karye ba. Hasken da ya taso daga jikin cokalin ya nufo idonki, shi ne ya karya kwana a hanya.

Wannan ne abin da malaminku na lise, wato makarantar sakandare, ya rubuta muku a allo da Faransanci, refiraksiyo, kuka kwafa, kuka haddace, kuka zo kuna ce mini bai shiga ba. Ban ga laifinku ba. An ce muku haske yana karkata idan ya bar iska ya shiga ruwa, amma ba a ce muku me ya sa ba. Yau dalilin kawai nake so ku tafi da shi.

Abu guda za ku fara riƙewa: gudun haske ba ɗaya ba ne a ko'ina. A sararin da babu komai, yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka ce "ɗaya", ya zagaye duniya sau bakwai da rabi. A cikin iska ma kusan haka ne, bambancin kaɗan ne ƙwarai. Amma da ya shiga ruwa sai gudun ya sauko zuwa wajen kilomita 225,000. A gilashi, wajen 200,000. Har yanzu gudu ne na fitar hankali, amma dai ya ragu.

Bello ya ce, "To Malam, in ya rage gudu ai sai ya ci gaba da tafiya a hankali, mene ne na karkata?" Madalla. Wannan ita ce tambayar, kuma saboda ita na aro amalanken nan daga wajen Baba mai ruwa. Ku fito waje, mu je bakin titi. Ku kula da masu babur.

Ku dubi amalanken da kyau, wanda kuke kira pus-pus. Taya biyu gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace tana juyawa da kanta, ƙarfe ɗaya ya haɗa su. Ga kwalta nan, ga inda ta ƙare yashi ya fara, irin yashin da kuke gani a Mayo Kaliao da rani idan ruwa ya janye. A kan kwalta taya tana gudu sumul. A yashi kuwa tana nutsewa, sai an yi da gaske. Ku ɗauka amalanken nan shi ne haske. Kwalta ita ce iska. Yashi shi ne ruwa.

Bello, zo ka tura. Karon farko ka fuskanci yashin kai tsaye, kamar mai shiga ƙofa. Tura ka saki. Kun gani? Tayoyin biyu sun faɗa yashi lokaci guda, sun rage gudu tare, amalanke ya ci gaba da tafiya sambal inda ya sa gaba. Bai karkata ba ko kaɗan. Haka haske yake idan ya sauko kan ruwa a tsaye cak: gudu ya ragu, hanya ba ta canza ba.

Jawo shi baya. Yanzu ka zo wa yashin a karkace, ta yadda tayar dama za ta riga shiga. Ku kuma kada ku kalli Bello, tayoyin za ku kalla. Hankali... tura!

Tsaya nan. Kada kowa ya taka sawun. Ku zo ku gani. Tayar dama ta shiga yashi, yashi ya riƙe ta. A wannan lokacin ina tayar hagu? Tana kan kwalta, ba ta san abin da ake ciki ba, tana ta gudunta. Ɗaya na jan ƙafa, ɗaya na sauri, ga shi kuma ƙarfe ya ɗaure su wuri guda, babu mai barin wata. To me ya rage wa amalanke? Dole ya juya wajen wadda ta makale. Ya yi ta juyawa har tayar hagu ita ma ta faɗa yashi. Da su biyun suka zama cikin yashi, gudunsu ya daidaita, juyawa ta ƙare, sai ya miƙe a sabuwar hanya. Ku lura da wannan sosai, domin nan ne yara ke faɗuwa a jarrabawa: karkatar a bakin iyaka kaɗai take faruwa. Kafin iyaka hanya a miƙe take, bayan iyaka ma a miƙe.

Na ga Hadiza tana yamutsa fuska. Faɗi. "Malam, ai haske ba shi da taya." Gaskiyarki. Amma yana da faɗi. A takarda muna zana shi da layi siriri don sauƙi ne kawai. Haske yana tafiya ne kamar yadda ruwa ke kaɗawa idan kin jefa dutse a tafki, sahu bayan sahu, kowane sahu da gefen dama da gefen hagu. Gefen da ya riga taɓa ruwa shi ne tayarmu ta dama. Ɗaya gefen, wanda har yanzu yake cikin iska, shi ne ta hagu.

Yanzu bari in ja layi a ƙasa da sandar nan, layin da ya ratsa iyakar kwalta da yashi a tsaye. Shi ne malaminku ke kira normal, kuma daga jikinsa ake auna kusurwa, ba daga bakin ruwa ba. Ku dubi sawun amalanken: da ya shiga yashi ya matso kusa da layin ne ko ya yi nesa? Ya matso. To kun sami ƙa'idar da kanku. Daga wurin sauri zuwa wurin nawa, haske yana matsowa kusa da layin. Idan ya shiga ruwa a kusurwar digiri 45, a ciki zai koma wajen digiri 32. In kuma daga yashi amalanke ya hau kwalta, tayar da ta riga fita ita ce za ta fizga, sai ya juya ya yi nesa da layin. Shi ya sa gilashin taga ba ya karkata muku duniya: abin da haske ya karkata wajen shiga, ya warware shi wajen fita.

Mu koma ciki. Ga abin da ke littafinku:

```
n1 × sin(i1) = n2 × sin(i2)
```

Kada ya ba ku tsoro. i1 ita ce kusurwar da haske ya zo da ita, i2 kuma kusurwarsa bayan ya shiga. Wannan n ɗin ba komai ba ne illa zurfin yashi: n1 na inda haske ya baro, n2 na inda ya shiga. Ka raba 300,000 da gudun haske a cikin abin, ka sami n ɗinsa. Na iska kusan 1, na ruwa 1.33, na gilashi wajen 1.5, na lu'ulu'u 2.42, wannan kam yashi ne har gwiwa. Ana kiran ƙa'idar da sunan Snell, mutumin Holand da ya gano ta a 1621, da Descartes na Faransa da ya wallafa ta a 1637. Amma wani malami a Bagadaza, Ibnu Sahal, ya riga ya rubuta ta tun wajen shekarar 984. A jarrabawa dai ku rubuta sunan da aka koya muku, kada ku ce ni na sa ku.

Saura ido. Me ya sa muke ganin cokali a karye? Domin ido bai san haske ya karya kwana ba. Shi dai ta inda haske ya shigo masa, nan yake bi a miƙe ya ce abin yana can. Kamar mutumin da ya tarar da amalanke a kan kwalta, ya dubi inda ya sa gaba, ya nuna baya da yatsa ya ce daga can ya taso, alhali bai ga kwanar da ya sha a bakin yashi ba.

Wa ke da ƙarfen dala ashirin? Kawo, zan mayar maka, ga shaidu. Na sa shi a gindin kwanon nan. Hamadu, ja da baya, ja, har bakin kwano ya ɓoye maka shi. Ka daina gani? Tsaya nan, kada ka motsa kai. Ina zuba ruwa a hankali don kada kuɗin ya gusa. Yaya? Ya fito! Kuɗin na nan inda na ajiye shi. Hasken da ke tashi daga jikinsa da yana wucewa ta saman kanka, yanzu da ya fito daga ruwa ya kwanto ya sami idonka. Saboda haka ne kuma ruwa ke yi wa mutum ƙaryar zurfi: in ka leƙa daga sama, mita huɗu sai ya yi maka kamar uku. Ku da kuke zuwa wanka a mayo da damina, ku riƙe wannan. Masuntan Logone kuwa, mai sukar kifi da mashi ya san in ya auna inda yake ganin kifin zai kuskure, sai ya soka ƙasa da nan.

Har kawalwalniyar da kuke gani a hanyar Mora da tsakar rana, kamar ruwa ya kwanta a kwalta, aikin amalanken nan ne. Iskar da ke dab da kwalta ta fi ta sama zafi, haske ya fi gudu a cikinta. Hasken da ya gangaro daga sama a kwance, gefensa na ƙasa ya fi na sama sauri, sai ya lanƙwaso sama ya shiga idonka. Sararin sama kake gani a ƙasa, ka ɗauka ruwa ne.

Wuri ɗaya ne amalanken zai yaudare ku, gara in faɗa muku da bakina. Shi in ya ratsa yashi ƙarfinsa ya tafi, sai an sake tura shi. Haske ba gajiya yake yi ba. Da ya fito daga ruwa ya koma iska, nan take ya koma gudunsa na da, babu mai tura shi. Kada wani ya je ya rubuta wa malami cewa haske ya gaji.

Aikin gida: haske ya shiga ruwa a kusurwar digiri 30, ku nemo mini kusurwarsa a ciki. Kafin ku taɓa lissafi, ku zana amalanken da tayoyinsa biyu, ku nuna wadda ta riga shiga. Ga kiran magariba can. Bello da Hamadu, ku mayar wa Baba amalankensa, ku karkaɗe yashin da ke jikin tayoyin, ku ce ina gaishe shi. Kai kuma zo ka karɓi kuɗinka, ka goge shi, ya jiƙe.