Hotunan Allo

Albashin farko da ya shigo, Sani ya tsaya yana kallon manhajar banki a ɗakinsu na ma'aikata a Dubai. Rubutun duk Larabci ne da Turanci, kuma yana tsoron danna abin da zai kwashe dirhaminsa.

Sai ya riƙa ɗaukar hoton kowane shafi yana tura wa ƙanwarsa ta WhatsApp. Ita kuma ta zagaye wurin da jan layi: "Yaya, nan ne Balance, abin da ya rage maka. Transfer kuwa na turawa ne."

Da saƙon OTP ya iso, har ya ɗauka zai tura, sai ga kiranta. "Wannan kam ko ni kada ka nuna wa, Yaya!"

Ya goge hoton, ya shigar da lambar da kansa, ya tura wa Inna kuɗin magani.