Neman Afuwa Kan Jinkirin Rahoton Rabon Takin Zamani, Zagaye na Farko

Zuwa ga: Daraktan Ayyukan Gona, Ma'aikatar Gona ta Jiha
Daga: Manajan Rabon Kayan Noma, Shiyyar Gabas
Kwafi: Ofishin Babban Sakatare
Rana: Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma da fatan ana ƙoshin lafiya, na rubuto wannan takarda ne domin neman afuwa a kan rahoton rabon taki na zagayen farko, wanda ofishinka ya ba da umarnin a gabatar kafin a tashi daga aiki ranar Juma'a, 28 ga Yuni. Wa'adin ya cika ban gabatar ba, kuma ban sanar da ofishinka a kan lokaci cewa za a samu jinkiri ba. Wannan na biyun ya fi damuna, domin ba shi da uzuri. Laifin nawa ne, ba na ma'aikatan da ke ƙarƙashina ba.

Ina roƙon izinin bayyana abin da ya faru. Ƙananan hukumomi shida ne a shiyyarmu. Biyar daga ciki sun kammala lissafinsu tun ranar Talata, 25 ga Yuni, duk da kwana biyun da hutun Babbar Sallah ya cinye mana a ranakun 17 da 18 ga wata. A ta shidan ne aka samu tangarɗa. Takardun shigar kaya sun nuna sito ya karɓi tirela uku na NPK 20-10-10, kowacce buhu 600 mai kilo 50, wato buhu 1,800. Rajistar manoman da suka karɓa kuwa buhu 1,740 ta nuna. Buhu 60 babu bayaninsu a takarda.

Ban ga dacewar sa hannu a kan rahoton da lissafinsa bai daidaita ba, musamman da yake kayan gwamnati ne da aka sa wa tallafi, kuma duk buhun da ya ɓace haƙƙin wani manomi ne. Na ɗauka zan warware lamarin cikin kwana biyu, shi ya sa na yi shiru. A nan na yi kuskure. Da tun ranar Laraba na ɗaga waya na shaida maka, da ofishinka ya san yadda zai tsara nasa aikin.

Ranar Asabar na je siton da kaina tare da akanta. Mun tarar da buhunan 60 a jingine a kusurwa ɗaya. Rufin ya yi yoyo, ruwan sama ya jiƙa su har takin ya dunƙule, sai mai kula da sito ya ware su don kada a ba manoma, amma bai shigar da hakan a littafi ba. Mun ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya a gaban jami'in gona na ƙaramar hukumar, mun ɗauki hotuna. Alhamdu lillahi, babu ko buhu ɗaya da ya salwanta.

Saboda haka ina roƙon Darakta, cikin girmamawa, ya ƙara mini wa'adi zuwa ƙarfe 12 na ranar Juma'a, 5 ga Yuli, domin in samu sa hannun jami'an da suka shaida ƙidayar in haɗa cikakken rahoto. Kafin nan na haɗo rahoton ƙananan hukumomi biyar da hotunan sito tare da wannan saƙo.

Akwai kuma wata alfarma da nake nema, wadda ta fi wa'adin muhimmanci a wurina. Na san ba a sakin yuriya ta zagaye na biyu sai an karɓi wannan rahoto. Galibin manomanmu a makon farko na Yuni suka shuka masara, kuma tsakanin mako huɗu zuwa shida bayan shuka ake zuba mata yuriya. Ke nan idan ta wuce tsakiyar wannan wata ba ta isa hannunsu ba, amfaninta ya ragu sosai. Idan ƙa'ida ta ba da dama, ina roƙon a duba yiwuwar sakin kason ƙananan hukumomi biyar ɗin nan bisa rahoton da na haɗo, don kada jinkirina ya shafi gonakin mutanen da ba su da hannu a ciki.

Na umarci masu kula da sito su riƙa aiko da lissafin kaya kowace Alhamis, har da abin da ya lalace, kuma an fara gyaran rufin. Ina jiran umarninka kan yadda za a yi da jiƙaƙƙun buhunan. Idan ana buƙatar in bayyana a ofis domin ƙarin bayani, a shirye nake duk lokacin da aka kira ni.

Allah ya ƙara girma, ya taya riƙo.

Naka mai biyayya,
Manajan Rabon Kayan Noma, Shiyyar Gabas