Ƙa'idojin masu dutin wayar ƙungiya da imel

Salamu alaikum 'yan uwa masu dutin saƙonni, sannunku da ƙoƙari. Kwamiti ne ya ce in rubuta mana yadda aikin nan zai dinga tafiya, tunda yanzu mun zama mu shida kuma biyu daga cikinmu sababbi ne, ga shi kowa da irin yadda yake yi. Don Allah a daure a karanta har ƙasa ko da ya yi tsawo.

Duti dai kamar yadda aka tsayar a mitin, kashi biyu ne a sati: Litinin zuwa Alhamis mutum ɗaya, Juma'a zuwa Lahadi wani. Ba a ce ka zauna ka tasa waya a gaba wuni guda ba, kowa yana da harkar gabansa. Sau uku ake dubawa, wajen ƙarfe 8 na safe, 2 na rana, sai 8 na dare, kuma duk dubawa a bi su duka, WhatsApp da meseji da kiran da ba a ɗaga ba da imel. Imel ɗin ne ake yawan mantawa da shi saboda ba ya ƙara kamar waya, alhali wasiƙun hukuma da na wasu ƙungiyoyi ta nan suke shigowa. Bayan ƙarfe 9 na dare akwai Away message da yake fita da kansa, amma wayar kar a kashe ta, kar kuma a bar ta ta mutu ba caji.

Babban abin da nake so ya zauna mana shi ne, duk saƙon da ka buɗe ya hau wuyanka. Ka san da zarar ka buɗe a WhatsApp mai saƙon ya ga shuɗin maki biyu, a wajensa ƙungiya ta karanta kenan, ya zauna jiran amsa. Wanda zai karɓe ka kuma zai ga saƙon a buɗe ya ɗauka an gama da shi, shi kenan magana ta faɗa tsakani, sai bayan sati biyu mutum ya zo mitin ransa a ɓace yana cewa an yi banza da shi, kuma da gaskiyarsa. Wasu suna danna Mark as unread suna ganin sun gyara, to wannan a wayarmu kawai yake sa alama, can wajen mai saƙon makin yana nan shuɗi abinsa. Saboda haka in ba ka da minti biyar na yin abin da ya kamata, gara kar ka buɗe tukuna. In ka buɗe kuwa, sai ka amsa, ka sa masa lakabi, ka miƙa wa wanda abin ya shafa, kafin ka aje wayar.

Lakabin nan iri ɗaya ne a WhatsApp Business da Gmail, da gangan aka yi haka don kar a rikice: Gaggawa, Kuɗi, Koke, Tallafi, Tambaya, sai An gama. Kar kowa ya ƙirƙiro nasa don Allah, in kana ganin akwai wanda ya kamata a ƙara ka kawo a mitin.

Gaggawa ba a jira da ita kuma ba a tura ta a rubuce a zauna. Gobara, haɗari, yaro ya ɓata, wayar wuta ta faɗo ƙasa, ɓarayi, rashin lafiya mai tsanani, rasuwa. Da farko ka gaya wa mai saƙon ya kira hukumar da abin ya shafa kai tsaye, lambobinsu suna manne a bayan wayar da kuma shafin farko na littafin duti, don mu ba 'yan kwana-kwana ba ne ba asibiti ba, kar mutum ya tsaya jiranmu. Sannan ka kira shugaba, kira fa ba meseji ba, in bai ɗaga ba mataimakiya, in ba ta ɗaga ba ni. Ko ƙarfe nawa ne. Wani lokaci mutum zai rubuta “gaggawa gaggawa” ashe katin zama memba yake tambaya, wannan ka duba da hankalinka, amma in kana kokwanto gara ka kira a ce maka ba komai.

Kuɗi na ma'aji ne shi kaɗai. Wani zai turo hoton rasit ya ce a tabbatar masa kuɗin wata ya shiga, kar ka ce ya shiga, kai ba ka ganin asusun, kuma hoton rasit abu ne da ake iya haɗawa a waya. Abin da za ka ce kawai mun ga saƙonka mun miƙa wa ma'aji, shi zai tabbatar. Lambar asusun ƙungiya tana cikin Quick replies, ka danna / za ta fito, ita kaɗai ake turawa, kar a rubuta da hannu kar kuma wani ya ba da tasa lambar wai don a sauƙaƙa wa mutum, ko da niyya mai kyau ce ranar lissafi kai za ka sha tambaya.

Koke da Tallafi su ne masu nauyi, a nan nake so mu fi kula. Mutum zai turo odiyo na minti bakwai yana faɗa a kan maƙwabcinsa ko a kan wani ɗan kwamiti, ka saurara har ƙarshe, don sau da yawa ainihin abin da yake so yana cikin daƙiƙun ƙarshe ne bayan ya gama huce haushi. Kar ka ba shi gaskiya kar ka ba wancan, kar ka ce ai dama haka yake. Aikinmu rarrabewa ne da miƙawa, yanke hukunci na kwamiti ne. Haka mai neman tallafi, wallahi na san akwai tausayi, za ka ji kamar ka ce in sha Allahu za a yi, to kar ka faɗa, shi alkawari zai ji, ranar da kwamiti ya ce babu hali kai zai riƙe kuma sunan ƙungiya ne zai ɓaci. Ga irin amsar da ta isa: “Mun samu saƙonki, Allah ya kawo sauƙi. An miƙa wa kwamitin walwala yau, za su neme ki kafin ranar Asabar.” In kuma ba ka san ranar da za su zauna ba, tambaye ni kafin ka sa rana. Koken da ya shafi wani ɗan kwamiti ba a tura masa shi, shugaba ake kai wa, in shugaban ne ake kuka da shi sai a kai wa mataimakiya. In kuma saƙon a kanka ne ko ɗan uwanka ko wanda kuke da 'yar tsama, cire hannunka, ka sa lakabi ka kira ni.

Sirri kuma. Abin da ka gani a wayar nan a nan ya tsaya, ba a ɗaukar hoton saƙo a tura guruf, ko guruf ɗinmu na masu duti, ba a ba mai gida ko uwargida labari. Wajen miƙawa ma ka rubuta taƙaitaccen bayani ka tura wa mutum ɗaya da abin ya shafa, ba sai ka tura odiyon matar tana kuka ba. Wani ya ce a ba shi lambar wane, a'a, sai dai ka karɓi tasa ka isar, in wancan ya so ya kira shi.

Tambaya ita ce mai sauƙi, yaushe ne mitin, yaya ake rajista, ina ake karɓar fom, duk suna cikin Quick replies, ka amsa ka sa An gama.

Sai 'yan damfara, su ma suna da lambarmu tunda a fili take. In wani ya kira ko ya rubuto cewa an turo wata lamba mai alƙaluma 6 wayarku bisa kuskure a karanto masa, ko ya ce lambar shiga mitin ce, kar a bayar ko da da sunan shugaba da hotonsa ya zo, lambar rajistar WhatsApp ɗinmu ce, yana samu ya ƙwace asusun ya hau roƙon membobi kuɗi da sunanmu. Akwai PIN na Two-step verification a kai, yana wajena da shugaba, in wayar ta tambaya kira ɗayanmu, kar a yi ta gwadawa. Saƙon da ya ce “na canza lamba, turo min kaza yanzu” a kira tsohuwar lambar a ji. Imel mai cewa za a rufe asusu in ba a danna nan ba, kar a danna, kar a sauke fayil ɗin da ba a san mai shi ba. Amma duk da haka a leƙa Spam sau ɗaya a kowane duti, wasiƙar kirki tana faɗawa can, kuma Gmail yana goge abin da ke ciki da kansa bayan kwana 30.

Ba a goge saƙo, ko na zagi ne, don wata rana shi ne hujja. A imel in an gama a danna Archive, zai bar Inbox amma yana nan in an neme shi. Mai zagi ba a rama masa, kuma ba a toshe kowa sai shugaba ya ce. In za a tura wa mutane da yawa imel a sa adireshinsu a Bcc, in ba haka ba kowa zai ga na kowa. Sanarwa ga duka membobi ma dai ba aikin mai duti ba ne sai an ba ka rubutun.

Wayar ta ƙungiya ce, ba a sa status na kai, ba a ba yara su yi gem, ba a buɗe hotspot a shanye data. Wanda yake so ya haɗa da kwamfutarsa ta Linked devices ya gaya min tukuna, kuma ranar da dutinsa ya ƙare ya fita, ina dubawa.

Miƙa duti hannu da hannu ne, ranar Alhamis da ranar Lahadi kafin ƙarfe 8 na dare, waya da caja da littafi, ba a ba yaro ya kai. A littafin ka rubuta abin da bai ƙare ba: waye, me yake so, wa aka miƙa wa, yaushe aka ce za a neme shi. Layi biyu ya isa kowane. Mai karɓa kuma abin da zai fara yi kenan, ya bi waɗannan, in saƙo ya kwana uku a wajen ɗan kwamiti ba motsi ka tuna masa sau ɗaya, in shiru ka gaya min, ni zan bi shi, ba sai kun yi ta kai ruwa rana da manya ba.

In uzuri ya taso ba laifi, amma ka nemi wanda za ku yi musanya da kanka ka sanar da ni kwana ɗaya kafin nan. Sabon jadawalin zai fara ranar Litinin mai zuwa, sababbin namu biyu kowanne zai yi dutinsa na farko tare da wani tsohon hannu, ni zan zauna da su ranar Lahadi da yamma mu bi lakabin a wayar ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya saka da alheri.
Sakatariya