Yadda za a ɗauki bayanin shaida kan buhunan shinkafar da suka ɓace a sitonmu na Garwa

Ga 'yan kwamitin bincike, daga ofishin kula da ma'aikata.

Buhu 14 ne ba a gani ba a ƙidayar ranar Juma'a. Kafin ku kira kowa, ku tuna abincin mutum da mutuncinsa na iya rataya a kan layi ɗaya da kuka rubuta.

Ku ga shaidu ɗaya bayan ɗaya, a ɗaki mai ƙofa, ba a gaban shugabansu ba. Wanda ya so wakilin ma'aikata ya zauna da shi, a bar shi. Ku faɗa wa kowane shaida cewa wanda ake zargi zai ji abin da aka ce a kansa, kada ku yi alkawarin sirrin da ba za ku iya riƙewa ba.

Ku fara da "Malam, me ka gani?", sannan ku yi shiru. Tambaya irin "Ba direba ne ya ɗauka ba?" cusa amsa ce a bakin mutum. Abin da ya fi damuna shi ne haɗa gani da ji: idan ya ce "an ce", ku tambayi wa ya ce, yaushe, ku rubuta shi daban. Idan ya ce "bayan isha'i", haka za ku rubuta, kada ku ƙirƙiro masa ƙarfe. Kuɗi kuma a yi hattara, don "ɗari biyu" a bakin mai lissafi da dala, wato sefa biyar-biyar, sefa 1,000 ne. Wanda ya yi magana da Fulatanci a nemo tafinta wanda ba shi da hannu a maganar. Fassarar Faransanci a liƙa ta a bayan asalin, domin takardar na iya kaiwa gaban sufeton ƙwadago.

Ga tsarin da za ku bi:

Shaida na 2 (sunansa na cikin rajistar kwamiti), mai gadin dare, shekara 6 a aiki.
Talata, 14 ga Mayu 2024, ƙarfe 10:15 zuwa 10:50 na safe, da Hausa. Mai tambaya da mai rubutu ne kaɗai a wurin.

Abin da na gani: "Ranar Laraba, 8 ga wata, bayan isha'i, wata farar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar baya. Mutum biyu suka loda buhuna, ban ƙirga ba. Fitilar wajen ta mutu, ban gane fuskokinsu ba."

Abin da na ji: "Washegari wani ɗan dako ya ce min ma'ajin sito ne ya ba da makulli. Ni ban ga haka ba."

"An karanta min bayanin nan, na gyara 'ƙofar gaba' zuwa 'ƙofar baya'. Maganata ce, ba wanda ya tilasta min."

Shaida ya dangwala yatsa a kowane shafi da gefen gyaran, mai tambaya da mai rubutu sun sa hannu, an ba shi kwafi.